Waina da miyar taushe: wace sanarwa ce za ta kawo masu saye?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ranar Asabar zan fara waina da miyar taushe a gidan abincina a Kano. Na rubuta sanarwa biyu, wacce zan ɗora a WhatsApp?

Ta farko: Albishirinku! Mun kawo muku sabon abinci mai daɗi na musamman, mai inganci da tsafta. Ku garzayo, kada a ba ku labari.

Ta biyu: Waina daga tanda zuwa faranti, gefenta ya yi ja yana ƙaras-ƙaras, cikinta fari sol, laushi tuɓus. Ga miyar taushe mai kauri, kabewa ta narke, tantaƙwashi ya dahu luguf."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya albarka. Ta biyun za ki ɗora, amma da sauran gyara a kanta.

Ki ajiye su kusa da juna ki yi gwaji ɗaya: wacce mai shagon da ke kusa da ke zai iya kwafewa ba tare da ya canza komai ba? Ta farko mai shawarma zai ɗora ta, mai fura da nono ma haka, don ko sunan abincin babu a ciki. "Mai daɗi" da "na musamman" hukunci ne da kika yanke wa abincinki, kuma kowa ya san mai kaya ba ya kushe kayansa. "Tsafta" kuwa wajibi ce, hoton faranti da wurin zai nuna ta fiye da faɗa.

Ta biyu ba ta ce akwai daɗi ba ko sau ɗaya, amma ni da na karanta sai da yawuna ya tsinke. Dalili shi ne kowace kalma ta taɓa wani abu da na riga na sani. "Ja" da "fari sol" na ido ne. "Ƙaras-ƙaras" kunne da haƙori ne suka san shi. "Tuɓus" yatsa ne yake ji lokacin da aka gutsuro wainar za a dangwala a miya. "Luguf" kuma alkawari ne cewa fatar tantaƙwashin ba za ta sa mutum kokawa da ita ba, kuma duk wanda ya taɓa cin wanda bai dahu ba ya san darajar wannan kalmar. Kin kuma yi daidai da kika ce waina. Da a Bauchi kike, masa za ki rubuta.

Abin da ya rage mata shi ne hanci. Waina tun daga bakin layi ake jin ta. Ki tsaya a gaban tanda ki shaƙa: ƙamshin man gyaɗa da ya yi zafi, albasar da ke cikin ƙullu, da ɗan tsamin nan na ƙullun da ya kwana ya tashi. A miyar ma akwai garɗin gyaɗa da tsamin yakuwa idan kina sakawa. Ki ɗauki ɗaya ko biyu kawai. In kika jera kalmomi goma irin waɗannan, sai su danne juna, mai karatu ya wuce.

Akwai kuma inda ta farko ta fi ta: ta ce a zo. Ta biyu ta tayar wa mutum da yunwa ta bar shi ba rana, ba farashi, ba wurin zuwa. Wanda sai ya turo "nawa ne?" ya zauna jiran amsa, kafin ki gani ya sayi ƙosai. Ni da haka zan rubuta ta:

"Sabo daga Asabar, ƙarfe 7 na safe: waina daga tanda zuwa faranti, tana tururi, ƙamshin man gyaɗa da albasa na tashi. Gefe ƙaras-ƙaras, ciki tuɓus. Ki dangwala, ka dangwala a miyar taushe mai kauri, da tantaƙwashi luguf. Ƙullun safe ɗaya muke yi, in ya ƙare sai gobe."

A ƙasa ki sa farashin faranti, guda nawa ke ciki, kwatancen shago da lambar waya. Maganar ƙullu ɗaya kuwa, kada ki rubuta sai in haka kike yi.

Abu ɗaya nake roƙon ki kula da shi, Hajiya. "Ƙaras-ƙaras" gaskiya ce ga wanda ya zauna ya ci a wurin. Da zarar an rufe waina mai zafi a roba, tururinta zai koma mata, kafin mai mashin ya kai ta gefen ya yi laushi. Wanda ya saya saboda wannan kalmar zai ga kamar an yaudare shi. Saboda haka ga masu aikowa a kai musu gida, ki cire ta ki bar "tuɓus" da "luguf", ki zuba miya a robarta daban, ki kuma bar wainar ta ɗan sha iska kafin a rufe. Sanarwar ki ɗora ta ranar Juma'a da daddare bayan isha'i, sannan da safe ki ƙara ɗan bidiyon juya waina a tanda, da sautinta na cuwww, ba tare da kin ɗora masa kiɗa ba.