Sharhin rifot a kan yaro mai rigima: wanne zan rubuta?

"Assalamu alaikum malamai. Ni ce malamar aji biyar a firamare. Ina da wani yaro, ya ci 78 a lissafi, amma ba ya zama a bencinsa, kuma sau huɗu ana raba shi faɗa a zangon nan, duk a lokacin tara. Na rubuta sharhi biyu na rasa wanda zan sa a rifot. Na farko: 'Yaro ne mai taurin kai da neman faɗa, ba ya jin magana. Iyaye su ja masa kunne.' Na biyu: 'Yaro ne mai ƙoƙari, sai dai ya ƙara natsuwa.' Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Malama, sannu da fama da yara. A ganina kowanne akwai abin da ya riƙe da abin da ya saki, don haka mu jera su tukuna.

Na farko ya faɗi cewa akwai matsala, wannan kam ya yi. Sai dai duk kalmominsa suna faɗin ko wane ne yaron, ba abin da ya aikata ba. "Mai taurin kai" hukunci ne, uba ba shi da abin da zai gyara a ciki. Ki tuna kuma yadda ake karanta rifot a gidaje da yawa: yaya ko maƙwabci ne zai karanta wa uban a zaure, sau da yawa a gaban yaron da ƙannensa. Aka zo kan "su ja masa kunne", abin da zai biyo baya bulala ce, yaron ya dawo sabon zango yana ganin ke ce kika haɗa shi da babansa. Wani uban kuma zai ji kamar an ce bai ba ɗansa tarbiyya ba, ya zo makaranta da faɗa. Sannan makin 78 ɗin nan ko ambatonsa ba a yi ba, alhali shi ne abu mafi ƙarfi da kike da shi a hannu.

Na biyu ba zai jawo wa kowa duka ba, amma bai gaya wa iyayen komai ba. Za ki iya manna shi a rifot ɗin rabin ajin ya zauna daidai. Kuma zai ci karo da sauran takardar. Yawancin rifot ɗinmu suna da sashen ɗabi'a inda ake ba da maki daga 1 zuwa 5 a kan abubuwa irin su kamun kai da zama da jama'a. In kin sa masa 2 a can, sannan sharhi ya ce ɗan natsuwa kawai ya rage, uba mai lura zai tambaya wanne ne gaskiya. Mafi muni, ranar da yaron ya fasa wa wani baki aka kira uban ofishin hedimasta, zai zaro rifot ɗin ya ce ai ba a taɓa gaya masa ba, kuma yana da gaskiya.

Ga wanda zan rubuta in ni ce:

"Yana da saurin fahimtar lissafi, ya ci 78, kuma yakan riga kowa gama aikin aji. In ya gama yakan tashi daga mazauninsa ya hana wasu aiki, kuma sau huɗu a zangon nan saɓani a lokacin tara ya kai shi ga faɗa. Zango mai zuwa zan riƙa ba shi ƙarin aiki da zarar ya gama, kuma mun yi da shi cewa in an tsokane shi zai zo wurina kafin ya rama. Ina roƙon iyaye su duba littafinsa kowace Juma'a, zan riƙa rubuta yadda makon ya kasance."

Wancan "yakan riga kowa gamawa" zato ne na yi daga makinsa, ki tabbatar haka abin yake kafin ki rubuta. Yabon farko dole ya zama gaskiya wadda yaron da kansa zai shaida, domin yara suna gane yabon da aka yi don a share fagen faɗa. In kuma zaton ya yi daidai, kin ga yabon da ƙorafin tushensu ɗaya: ya gama, ba abin yi, sai ya shiga yawo. Shi ya sa ban haɗa su da "amma" ba. Da zarar mai karatu ya ji "amma" yakan zubar da duk abin da ya gabata ya jira laifin. "In ya gama" kuwa tana nuna wa uban inda matsalar take farawa.

Tsakiyar sharhin ita ce wurin da aka fi zamewa. Abu biyu kawai na ambata, tashi da faɗa, ko da kuwa akwai surutu da mantuwar biro da makara. In kika jero biyar, iyaye ba za su san wanda za su kama ba. Na sa adadi da lokaci saboda "sau huɗu, a lokacin tara" ba wanda zai musa, ga shi kuma yana nuna faɗan yana da wurinsa, ba kullum ba ne. Ban sa sunan yaran da ya yi faɗa da su ba, kada rigimar yara ta koma ta gidaje. Kada kuma ki rubuta masa wata lalura ko ki ce halin gida ne. In kina zargin ba ya ji sosai, ko ba ya ganin allo daga baya, ko yana zuwa bai karya ba, wannan maganar baki da baki ce da iyayen, su kai shi a duba.

Matakan ƙarshe kuwa ki lura kowa an ba shi nasa: ke ƙarin aiki, shi zuwa wurinki, iyaye dubawar Juma'a. Gwajinsu shi ne a iya cewa an yi ko ba a yi ba bayan mako biyu. "Ya gyara halinsa" ba ta cin wannan gwajin. Kuma kada ki rubuta "mun yi da shi" sai kin zaunar da shi kun yi ɗin, haka ma alkawarin Juma'a, in kin san da ɗalibai saba'in ba za ki iya riƙe shi ba, ki mai da shi sau biyu a wata. Alkawarin da malama ta rubuta da hannunta ta kasa cikawa ya fi rashinsa ɓarna.

Na san gurbin malamar aji a wasu takardun layi biyu ne rak. To a taƙaice shi: "Gwani ne a lissafi. Yana buƙatar zama a mazauninsa da kawo ƙara maimakon ramuwa. Iyaye su zo mu tsara yadda za mu taimaka masa." In makarantarku da Turanci ake cikewa, jerin bai canza ba. Ko dogon kika zaɓa ko gajeren, ki nemi uban ko uwar kafin ranar raba rifot, ko da ta waya ce, don kada a takarda su fara jin labarin faɗan nan huɗu. Ki nuna wa hedimasta ma kafin ya sa nasa sharhin a ƙasa, kada ke ki rubuta wannan shi kuma ya rubuta "fitinanne".