Sharhina kan saitin goge ramin caji da na saya

Saitin nan da masu kayan waya ke sayarwa a leda, mai ɗan burushi da tsinkayen roba da ƙwallon hura iska, wallahi ban ɗauka zai tsinana komai ba, mai shagon ne ya matsa min na haɗa da kebul ɗin da na je saya.

Matsalar wayata ita ce sai na jona caja ta yi ƙara ta fara, ina ajiyewa ta yanke. Sai na karkata kan cajar gefe, ko na ɗora wayar kan filo a wani irin kwance kafin ta yarda ta ci wuta, saurin cajin da take yi da kuwa ya tafi gaba ɗaya. Na kai wa wani mai gyara, ko tocila bai haska ciki ba ya ce "Alhaji ai bakin cajin ne ya mutu, sai an canza na ƙasan duka." Na ce to zan dawo, ban koma ba.

Abin da ya sa na yi shakka, in na tura kebul ba na jin ɗan ƙas ɗin nan na shiga, kuma ƙarfen kan kebul ɗin yana saura a waje kaɗan, bai shige duka ba. Na gwada kebul na ƙanina mai kyau, shi ma haka. To wani abu ne ya tokare daga ciki kenan. Zaren aljihu ne da ƙura, musamman da hunturu, kullum ka jona caja kana ƙara danna shi ƙasa har ya zama dunƙule mai tauri a gindin ramin, sai kebul ya kasa kaiwa inda zai riƙe.

Na kashe wayar tukunna, na haska da tocilar wata waya. Tawa USB-C ce, akwai ɗan siririn harshe a tsakiyar ramin, a jikinsa ƙananan haƙoran da ke ɗaukar wuta da data suke, sama da ƙasa, guda 24 in cikakke ne. Shi ne abin tsoro, in ya lanƙwashe ko ya karye shikenan sai mai gyara. Saboda haka na bi ta jikin bango, na zura tsinken robar har ƙasa a hankali, na ja daga wannan kusurwa zuwa waccan sannan na ɗago, ban danna harshen ba ko kaɗan. Jama'a abin da ya fito! Dunƙule toka-toka kamar wanda ake samu a kusurwar aljihun tsohuwar kaftani, har da zare shuɗi da na gane na wandona ne. Na maimaita ta ɗaya gefen harshen, na kifa wayar bakin yana kallon ƙasa na hura da ƙwallon. Ina saka kebul na ji ƙas, na ɗaga wayar na jijjiga caji bai yanke ba, saurin ma ya dawo. A lokacin da an ce in ba su tauraro goma zan ba su.

Amma da na nutsu na duba sauran kayan raina ya ɗan ɓaci. Sun saka wata allurar ƙarfe a ciki, ba takarda ba gargaɗi, kuma ita mutum zai fara ɗauka tunda ta fi siranta. Ƙarfe a wannan ramin zai iya kankare haƙoran ko ya haɗa biyu wuta ta haɗe ta yi ɓarna, ina dalili? Burushin kuma gashinsa zubewa yake, sai da na koma na ciro silin gashi ɗaya da ya bar min a ciki, wato abin shara shi ke kawo shara. Tsinkayen ma guda ɗaya ne kawai ke shiga USB-C, sauran sun yi kauri, sai dai ko masu tsohuwar iPhone mai Lightning tunda ita ba harshe a tsakiya.

In an bi ta gaskiya tsinken sakace na katako da ka fere bakinsa ya yi fale-fale zai yi kusan wannan aikin, sai dai kar ka yi ƙarfi ya karye a ciki. Ƙwallon iskar ne na ga ya biya kuɗinsa, don hurawa da baki tururi da yawu kake turawa ciki. Ruwa, fetur, kananzir, duk kar su kusanci wurin.

Maƙocina da ya ga tawa ta gyaru ya kawo tasa, muka haska muka ga ciki ya yi kore-kore, ruwa ya taɓa shiga ya ci haƙoran. Mun share har muka gaji ba ta canza ba, ita kam dole aka canza mata baki. Saitin na ba shi uku cikin biyar, allurar kuma na jefar da ita kafin yara su gani.