Sharhina kan ofishin da ya taya ni rubuta wasiƙar neman a sake duba diyyar motata da aka sace

An sace motata da dare a wurin ajiye motoci na wani asibiti, ina ciki ina jinyar mahaifina. Inshorar da nake biya cikakkiya ce, irin wadda ta haɗa da sata da gobara, ba ƙaramar da ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai ba. Saboda haka na cike fom na zauna jira hankalina a kwance. Bayan mako bakwai sai ga wasiƙar kamfanin, shafi ɗaya tal, sun ƙi biya. Dalilai uku suka bayar: ban kawo asalin takardun mallaka da na rajista ba, makulli ɗaya kawai na miƙa, kuma ban sanar da su a rubuce cikin kwana 7 da yarjejeniyarmu ta gindaya ba.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini wani ƙaramin ofishi mai zaman kansa da ke taimaka wa waɗanda aka hana diyya. Matar da ta karɓi aikina ta daɗe tana aiki a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora kafin ta bari. A kan aikin ofishin nan nake wannan sharhi, da abin da suka yi daidai da wanda har yau ban ji daɗinsa ba.

Na je da wasiƙar da na riga na rubuta da kaina, shafi huɗu. A ciki na faɗi shekarun da na yi ina biyansu ban taɓa fashi ba, da rashin lafiyar mahaifina, da yadda na koma neman abin hawa kullum da asuba. Ta karanta har ƙarshe, ba ta katse ni ba, sannan ta ce, "Malam, duk abin da ka rubuta gaskiya ne, amma wanda zai karanta ba shi da ikon biya saboda tausayi. Dalilai uku ke gabansa. In ba ka warware su ɗaya bayan ɗaya ba, sa hannu zai sake yi a kan amsar farko."

Abin da ta fara nema bai ma shafi rubutu ba. Ta sa na kawo cikakkiyar takardar yarjejeniya, ba ƙaramar shaidar nan da ake nuna wa jami'an hanya ba, har da shafukan sharuɗɗa da na abubuwan da inshorar ba ta biya. Sannan ta sa na rubuta wa kamfanin layi uku ina neman su faɗi lambar sharaɗin da kowane dalili ya dogara a kai, su kuma ba ni kofin bayanin da mai bincikensu ya ɗauka daga bakina. Ban san ina iya neman wannan ba. Da amsar ta zo, sai ga shi babu sharaɗin da ya ce dole sai asalin takarda. Abin da aka rubuta shi ne in ba da hujjojin da kamfani zai buƙata gwargwadon hankali. A nan ƙofar ta buɗe.

Wurin da aikinta ya fi burge ni shi ne takardun da suka ɓata. Takardar rajista da rasit ɗin saye duk suna cikin aljihun gaban mota, sun tafi tare da ita. Ni a ganina bayanin ya ƙare ke nan: an sace su. Ita kuwa ta ce kowace takarda da kamfani ya nema tambaya ce yake yi, idan takardar ta salwanta tambayar tana nan, sai a amsa ta da wata hujjar. Rasit yana amsa "taka ce, kuma nawa ka saye ta?" Takardar rajista tana amsa "motar da aka yi wa inshora ita ce wadda aka sace?" Don tambayar farko muka nemo bayanan asusuna na banki na watan da na saye ta, inda aka ga kuɗin sun tafi ga dilan da ya sayar mini da ita, da wasiƙa daga dilan mai ɗauke da hatiminsa. Don ta biyu na je ofishin rajistar motoci na karɓo kofin da suka tabbatar da shi. Na kuma yi takardar rantsuwa cewa asalin takardun suna cikin motar lokacin da aka ɗauke ta. Ta gargaɗe ni cewa rantsuwa ita kaɗai ba ta da nauyi sosai, domin maganata ce dai aka sa wa hatimi. Amfaninta shi ne ta bayyana yadda takardun suka ɓata, hujjojin da suka fito daga hannun wasu kuma su ɗauki sauran nauyin.

Daga nan ta shimfiɗa takardun a tebur tana bin lambar shasi harafi-harafi. Lamba ce mai gurbi 17, haruffa gauraye da alƙaluma. A rahoton 'yan sanda an rubuta B a gurbin da ya kamata a ga 8. Ni sau nawa na karanta rahoton nan ban lura ba. Ta ce irin wannan kuskuren kaɗai ya isa ya sa fayil ya kwanta wata da watanni, domin a takarda motoci biyu ake magana a kansu. Sai da na koma ofishin 'yan sanda aka gyara, aka buga hatimi a kan gyaran.

Batun makulli shi ya fi tsorata ni, kuma a nan na ga amanarta. Motar ta hannu ce, da makulli ɗaya aka sayar mini da ita. Amma ranar da mai bincike ya kira ni, a gajiye nake, da ya tambayi na biyun sai na ce ban san inda yake ba, shi kuma ya rubuta cewa ya ɓata a hannuna. Ta bayyana mini abin da ya sa suke matsawa a kan makulli: yarjejeniyata, kamar da yawa irinta, ba ta biya idan an bar makulli a cikin mota ko a jikinta, kuma makullan zamani suna da ɗan guntun na'ura da inji ba ya tashi sai ya gane ta. Don haka makullin da babu shi yana sa su zargin ko an manta shi a ciki, ko an miƙa wa wani. Wani na kusa da ni ya ba ni shawarar in je a yanka mini sabo in kai musu a matsayin na biyun. Da na faɗa mata, fuskarta ta canza. Ta ce, "Malam, in ka yi haka ba da ni ba. Ana gane sabon yanka, kuma ƙarya ɗaya tana iya rushe buƙatar diyyar gaba ɗaya, har da ɓangaren da kake da gaskiya a ciki." Maimakon haka dilan ya ƙara layi a wasiƙarsa cewa makulli ɗaya ya miƙa mini. Ga yadda sakin layin ya fita a wasiƙarmu:

"A hirar da na yi da mai bincikenku na ce ban san inda makulli na biyu yake ba. Ina so in gyara yadda aka fahimci maganar. Ban taɓa mallakar makulli na biyu ba. Da makulli ɗaya na sayi motar, kamar yadda wasiƙar dila ta tabbatar a hujja ta 4, kuma wannan makullin yana aljihuna a daren satar, shi ne na miƙa muku."

Batun jinkiri bai ɗauke mu lokaci ba. Gaskiya ne fom ɗina ya isa a rana ta 12, saboda na tsaya jiran rubutaccen rahoton 'yan sanda, kuma mun amsa hakan a fili. Sai dai washegarin satar na kira wakilin da ya sayar mini da inshorar, na kuma tura masa saƙo a waya. Muka buga hoton saƙon da kwanan watansa muka haɗa, muka ƙara da cewa tun daren aka sanar da 'yan sanda, jinkirin fom bai hana kowa neman motar ba.

Wasiƙar ƙarshe shafi biyu ce. Sama akwai lambar yarjejeniya, lambar buƙata da lambar mota. Sai jimla ɗaya da ke faɗin abin da nake nema, wato a janye ƙin biyan a sake duba fayil. Sai dalilan uku a jerin da kamfanin ya kawo su, kowanne da amsarsa da lambar hujjarsa, hujjoji 9 duka. Ta rufe da neman amsa a rubuce cikin kwana 21, da cewa in sun tsaya a kan bakansu su ba ni matsayarsu ta ƙarshe a rubuce domin in kai ƙorafi ga hukumar da ke sa ido a kansu. Ba zagi, ba barazanar kotu. Kofi muka tura, asalin abin da na samo na riƙe, kuma sashen ƙorafi aka kai wa, aka buga mini hatimin karɓa.

Yanzu abin da bai yi mini daɗi ba. Ofishin yana da jinkirin amsa waya da saƙo. Akwai lokacin da na yi kwana 6 ban ji daga kowa ba alhali wa'adin neman sake dubawa yana ƙaratowa, kuma mutumin da aka sace wa mota ba ya cikin halin da zai jure shiru irin wannan. Na biyu ya fi ci mini rai. Ladansu kaso ne daga abin da aka biya, wannan sun faɗa tun farko, amma ba wanda ya zaunar da ni ya ce abin da za a biya ba kuɗin da na sayi motar ba ne. Yarjejeniyata darajar motar a kasuwa ranar da aka sace ta take biya, sannan a cire kason da mai mota ke ɗauka da kansa a kowace asara. Duk yana rubuce a takardar da matar ta karanta a gabana. Da ta faɗa mini a zaman farko, da na tattara rasit ɗin gyare-gyare daga gareji da farashin irin motar a wurin dilaloli, in sami abin yin jayayya da shi idan tayin ya zo.

Kamfanin ya amsa a rana ta 26, suka sake tura mai bincike wurin dilan, bayan mako biyar kuma suka amince za su biya. Kafin kuɗin su fito na sa hannu a takardar da ke mayar musu da mallakar motar idan an gano ta. Tayin ya gaza abin da na sa rai da kusan kashi ɗaya cikin biyar, na kuma karɓa saboda na gaji.

Wanda aka hana diyya saboda takardu ko makulli, zan tura shi wurin wannan matar ba tare da shakka ba. Wanda matsalarsa yawan kuɗin ce, ko wanda inshorarsa tun asali ba ta haɗa da sata ba, ban ga abin da irin wannan wasiƙar za ta yi masa ba. In ka je, ka tambaye su a zaman farko nawa suke ganin zai rage a hannunka bayan an cire kasonka da ladansu, kuma su rubuta maka ranar da za su miƙa wasiƙar.