Tallan Farko na Sabon Shago: Awareness, Traffic ko Sales, Wanne Za Ka Ba Kuɗinka?

Duk wanda ya buɗe Ads Manager na Meta don ya tallata hajarsa a Facebook da Instagram, tambayar farko da za a yi masa, tun kafin ya ɗora hoto ko ya rubuta farashi, ita ce me yake nema da tallan. Zaɓi shida ake jera masa, amma uku ne suka fi ɗaure wa sabon ɗan kasuwa kai: Awareness, Traffic da Sales. Da yawa sukan danna wanda ya kwanta musu a rai su wuce, don a ganinsu aikin yana wajen hoto da bidiyo. Alhali a wannan dannawar ce ake yanke su wa za su ga tallan.

Injin da ke raba tallan ba ya karanta abin da ke zuciyarka. Ɗan aike ne mai biyayya: abin da ka ce ya kawo, shi zai kawo. Ya daɗe yana lura da halin mutane, ya san mai kallo ya wuce, ya san mai danna duk abin da ya gifta, ya kuma san mai yi wa shago magana ko ya biya kuɗi. Idan ka ce masa dannawa kake so, zai nemo maka masu saurin yatsa a farashi mafi sauƙi, ko da ba su taɓa sayen allura ta waya ba. Kuma a mafi yawan lokuta kuɗin da ake cire maka na nuna tallan ne, ko an saya ko ba a saya ba.

Na ga wannan da idona a shagon wata ƙanwata da ta fara sayar da atamfa da leshi a Kano. Ta zaɓi Traffic, wato neman masu danna talla su shiga shafi, ta sa tallan ya riƙa kai mutane shafinta na Instagram. Kwana uku tana turo mini hoton alƙaluma cike da murna, dannawa sai hawa take, kuɗin kowace ɗaya bai taka kara ya karya ba. Ranar Juma'a na leƙa shagon na tarar da ita zaune kan tabarmar salla, waya a hannu, turamen atamfa a jere yadda ta jera su tun Litinin. Ta ce, "Yaya, mutanen nan da ake cewa sun shigo, ta wace ƙofa suka fita?" Na ce mata ai ba su yi laifi ba, kallo aka gayyace su, sun kuwa kalla.

Shi ya sa nake ɗaukar Traffic a matsayin mafi haɗari ga sabon shiga, don shi ne ya fi iya faranta rai. Yana da amfaninsa, amma ga wanda ke da shafin intanet nasa na kansa, yana son mutane su shiga su duba kaya, ya ga wane kaya ne ya fi jan ido, ya kuma tara waɗanda zai sake bi da talla daga baya. Ko shi ɗin ma akwai wurin da ya kamata ya tsaya ya duba. A cikin Traffic ana iya cewa a nemo Link clicks ko Landing page views. Na farkon yana ƙirga duk wanda ya taɓa, har da wanda yatsansa ya zame yana tsakiyar wasa a waya, da wanda ya gaji da jiran shafi ya buɗe ya koma abinsa. Na biyun yana ƙirga wanda shafin ya buɗe masa ne kawai. A wurin da sabis ke ɗaukewa kamar namu, tazarar da ke tsakanin alƙaluman biyu takan yi faɗi. In ka ga dannawa ɗari amma waɗanda shafin ya buɗe wa ba su kai rabi ba, to shafinka ya yi nauyi, ko kuma ana nuna tallan a wuraren da ake danna shi bisa kuskure.

Awareness kuwa shela ce. Shi ne mafi araha wajen sa idanu masu yawa su ga sunanka, kuma ba ya yi maka alkawarin komai bayan wannan. Manyan kamfanonin lemo da na sadarwa suna iya zuba kuɗi a nan wata da watanni, don kayansu na kowane lungu, da zarar mutum ya tuna sunan zai samu a shagon maƙwabta. Kai kuwa in ka yi shela ga Najeriya baki ɗaya da naira dubu saba'in, ka zuba gishiri ne a kogi. Wuri ɗaya nake ba da shawarar a yi amfani da shi: shago mai ƙofa, wanda cinikinsa na masu zuwa da ƙafa ne, kamar gidan abinci, wurin aski ko shagon kayan masarufi. Sai ka kafa alama a kan taswira daidai inda shagon yake, ka ƙuntata da'irar zuwa 'yan kilomita, ka rubuta kwatance a jikin hoton yadda mai adaidaita sahu zai gane, da ranar buɗewa. Ka riƙa duba Frequency, wato sau nawa mutum ɗaya ya ga tallan. In ta yi ta hawa amma Reach, wato adadin mutanen da tallan ya kai wa, ya tsaya cak, ka gama da mutanen unguwar, abin da ya rage takura musu kake yi da kuɗinka. Sakamakon wannan talla ba a allo ake ganinsa ba, sai ka tambayi masu shigowa inda suka ji labarinka, ka rubuta.

Sai Sales, wanda shi ne abin da kowa ke so a zahiri. Matsalarsa ita ce injin sai ya ga ciniki yana faɗawa kafin ya koyi su wane ne masu saye. In kana da shafin da ake biyan kuɗi a cikinsa, dole ka dasa Meta Pixel, wata 'yar manhaja da ke sanar da Meta duk lokacin da wani ya yi Purchase, wato ya sayi kaya. Ba tare da ita ba, ka aiki makaho ne neman allura. Bayan haka akwai lissafin da mutane ba sa yi. Meta ta ce rukunin talla yana bukatar sakamako kusan 50 a cikin mako ɗaya kafin ya fita daga matakin koyo. A ce kana kashe naira 5,000 a rana, wato 35,000 a mako. Don ka samu 50, sai kowane ciniki ya tsaya maka a kan naira 700. Idan a gaskiya kowane mai saye yana cin naira 3,000 na talla, ko sha biyu ba za ka samu a mako ba, kuma za ka ga an rubuta Learning limited a gefen tallan. Wannan ba ya nufin tallan ya mutu, yana nufin sakamakonsa zai riƙa tangal-tangal, yau ciniki gobe shiru. Wasu kan sauko mataki ɗaya su ce a nemo masu Add to cart, don sun fi yawa, sai dai ka sani cewa ba duk mai zuba kaya a kwando ne ke biya ba.

To amma mu faɗi gaskiya, sababbin shaguna nawa ne a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ke da irin wannan shafi? Yawancinmu cinikinmu a WhatsApp yake. Mutum ya ga hoto, ya tambayi farashi, ya taya, a daidaita, ya tura kuɗi ta banki, a ba ɗan sahu ko a kai tasha. In haka kake, to tambayar da ta fi muhimmanci ita ce inda tallan zai sauke mutum. Ka haɗa lambar WhatsApp Business ɗinka da shafinka na Facebook, sannan a ƙarƙashin Sales, ko kuma Engagement, wanda shi ma yana cikin zaɓi shidan nan, ka zaɓi manhajojin saƙo a matsayin wurin da za a kai mutane, ka ce a nemo maka hira mafi yawa. Traffic ma yana iya kai mutum WhatsApp, kuma a nan ake yawan zamewa, don shi burinsa wanda zai danna, kai kuwa burinka wanda zai yi sallama ya tambayi kaya. Fara hira ya fi saye sauƙin samu, saboda haka ƙaramin jari ma yana iya kaiwa ga hamsin ɗin nan a mako.

Haka muka sauya wa ƙanwata tsari, muka kuma zauna da biro kafin a sake kashe ko sisi. Ga irin lissafin, da alƙaluman misali, kai sai ka sa naka. A ce ribar turmi ɗaya naira 2,500 ce, kuma a cikin mutum goma da suka yi magana ɗaya ne ke saye. Kenan hira ɗaya ba ta cancanci fiye da naira 250 ba. Idan allo ya nuna kowace hira tana cin 400, naira dubu saba'in za ta kawo hira 175, masu saye 17, riba 42,500. Asara ke nan, tun ma ba a sa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da ake ɗorawa kan kuɗin talla a Najeriya ba. Amma in mai saye yakan ɗauki turmi biyu, kamar masu haɗa lefe ko anko, hira ɗaya ta kai darajar 500, tallan ya fara biyan kansa. Da muka ga haka sai muka daina tallata turmi ɗaya, muka koma tallan anko da farashin turmi biyar.

Farashin nan a rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin tallan. Hirar za ta ragu, kuɗin kowace ɗaya zai ɗan hau, amma za ka rabu da masu "nawa ne?" su ɓace. Sannan ka tabbata akwai mai riƙe da wayar. Wanda ya turo saƙo da azahar aka amsa masa bayan isha'i, ya riga ya saya a wani wuri, kuma an cire maka kuɗinsa. Meta ba ta ganin kuɗin da ya shiga asusunka na banki, don haka ka yi amfani da alamomin da ke cikin WhatsApp Business ka ware wanda ya tambaya da wanda ya biya, ko ka buɗe littafi. Wannan littafin shi ne alƙali, ba allon Ads Manager ba.

Kada ka raba ƙaramin kuɗi gida uku don ka gwada duka, kowanne zai tashi da yunwa bai koyi komai ba. Ɗauki ɗaya, ka ba shi mako guda cur ba ka taɓa shi ba, don canza hoto ko masu kallo, ko yi wa kasafin babban sauyi, yana mayar da koyon baya. Maɓallin Boost post da ke ƙarƙashin hotunanka ya fi sauƙi, amma zaɓin da ke cikinsa kaɗan ne, gara ka daure ka shiga Ads Manager. Kuma ka lura, in ka riga ka wallafa kamfen ɗin talla ba a canza masa manufa, sai dai ka kashe shi ka buɗe sabo. A rana ta takwas ka ɗauko littafin, ka ƙirga waɗanda suka biya, ka raba kuɗin da ka kashe da adadinsu, ka ajiye amsar kusa da ribar da kowannensu ya bar maka.