Famfo biyu, ƙarfi ɗaya: mai 50Hz ko mai 60Hz?

"Famfon ruwa biyu aka nuna mini, duk 1.1kW. Na farko an rubuta 230V, 7A, 50Hz, 2850rpm. Na biyu 220V, 7.5A, 60Hz, 3450rpm, Hmax 40m. Wutarmu 230V ce, 50Hz. In ɗauki na biyun tunda ya fi gudu?"

Malam, ɗauki na farkon. Gudun da ka gani a jikin na biyu ba zai biyo shi gidanka ba.

Dalili yana wurin Hz, wato sau nawa wuta ke kai da komo a daƙiƙa guda. Ita ce ke yanke saurin juyawar injin. Iyakar irin wannan injin juyi 3000 ne a minti a kan 50Hz, 3600 a kan 60Hz, kuma idan ya ɗauki aiki yakan ɗan gaza haka, shi ya sa ka ga 2850 da 3450. Ka jona na biyun a wutarku, zai sauko wajen 2875, kusan kai ɗaya da na farko.

Asarar ba ta tsaya nan ba. Ruwan da yake turowa zai ragu da kashi ɗaya cikin shida, amma tsayin da yake iya kai ruwa ya fi faɗuwa: mita 40 ɗin nan zai koma wajen 28. Hmax kuwa, a lura, tsayin da ruwa ke daina fita ne gaba ɗaya, ba wanda za a yi aiki da shi ba. In tankinka na sama sosai, sai ka ji injin na ƙugi amma ruwa na zuwa kamar zare.

Abin da ya fi damuna shi ne koyil. Bambancin 220V da 230V ba komai ba ne shi kaɗai. Amma injin da aka naɗa don 220V a 60Hz, in aka sauke shi zuwa 50Hz, wajen 183V yake bukata. Kai kuwa 230V za ka ba shi. Ƙarfen cikinsa zai ƙoshi da maganaɗisu, ya riƙa zuƙar wutar da ba ta zama aiki sai zafi, ga fankar da ke sanyaya shi ta rage gudu. Na farkon ba shi da wannan matsala, an yi shi ne daidai wutarku.

A fannin A, wato amfiya, 7 da 7.5 ba su da wani nisa. Lambar nan wutar da injin ke ja ce idan ya ɗauki cikakken aiki, kuma da ita ake zaɓen kaurin waya da saita na'urar kariya. Lokacin tashi yakan ja ninkinta biyar zuwa bakwai na ɗan lokaci, don haka kada ka auna janareta da 7A kawai. Bayan an haɗa, sa mai gyara ya maƙala mita a waya ɗaya yana cikin aiki. In ta zauna sama da 7A, a kashe, a duba ko wutar ta yi ƙasa ko wani abu ya riƙe farfelar famfon.