Man Kwakwa da Man Gyaɗa: Me Ya Sa Awon Sodarsu Ba Ɗaya Ba Ne?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Kullum soda giram 174 nake sa wa man kwakwa kilo ɗaya, sabulun ya yi kyau. Wannan karon na sa wa man gyaɗa awon nan, sai ya fito yana marmashewa, yana kuma cin hannu. Ina bambancin mayukan?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sodarki ce ta yi yawa, kuma dalilin yana cikin ƙirar man.

Kowane mai, na tsiro ko kitsen dabba, tarin ƙwayoyi ne da ake kira tiraigilisaraid. Kowace ƙwaya tana da kai ɗaya, wato gilisarin, da jela uku a ɗaure da shi, su ne asid ɗin mai. Aikin soda, wato NaOH, shi ne tsinke ɗaurin nan. Jelar da aka tsinke sai ta kama sodiyam ɗin da ke cikin sodar ta zama sabulu, gilisarin kuma ya saura shi kaɗai a cikin haɗin. Tunda jela uku ce, kowace ƙwayar mai tana cin ƙwayar soda uku, ko doguwar jela gare ta ko gajera.

Tsawon jela da yawan kabon da ke jere a cikinta ake auna shi. A man kwakwa, kusan rabin jelolin na asid ɗin lorik ne, mai kabon 12. A man gyaɗa mafi yawansu oliyik ne da linoliyik, masu kabon 18. Gajerar jela tana sa ƙwaya ta yi rashin nauyi, don haka kilo ɗaya na man kwakwa ya fi kilo ɗaya na man gyaɗa yawan ƙwayoyi, kamar yadda kilon gero ya fi kilon masara yawan tsaba. Ƙwayoyi da yawa kuwa soda da yawa suke ci. Man kwakwa kilo ɗaya yana cinye soda wajen giram 183, man gyaɗa kuma giram 137 kacal. Man alayyadi ɗan gidan kwakwa ne, wajen 176, man kaɗanya kuma yana can ƙasa, wajen 128.

Giram 174 ɗinki daidai yake ga kwakwa, domin 183 ne aka rage masa kashi 5 cikin ɗari, saboda ɗan mai ya saura ya tausasa sabulun. Amma man gyaɗa ya cinye 137 ya ƙoshi, ragowar giram 37 tana nan ɗanya a cikin sandunan. Ita ce ke cin hannu, ita ce ke sa marmashewa. Jira ba zai gyara ba. Ajiyar sati huɗu zuwa shida ruwa take fitarwa, ba ta kawar da soda mai yawa haka. Kada kuma a rikita wannan da farar ƙurar da kan fito a saman sabulu, wadda ake gogewa ta tafi.

Ko da awon ya yi daidai, sabulan biyu ba halinsu ɗaya ba. Na kwakwa yana kama jiki da wuri, ya yi tauri, ya yi kumfa sosai, sai dai yana busar da fata idan shi kaɗai ne. Na gyaɗa yana daɗewa ana juyawa kafin ya yi kauri, yana fitowa da laushi, kumfarsa ba yawa, amma bai cika busar da fata ba. Jelolinsa suna da lanƙwasa, shi ya sa ba sa jeruwa su matsu. A wurin lanƙwasar nan ne kuma iska ke ɓata mai, har sabulun ya fitar da ɗigo-ɗigo ruwan lemo da warin tsohon mai idan ya daɗe a ajiye. A ganinmu haɗa su ya fi.

Ga misali: man gyaɗa giram 700 a ninka da 0.137, ya ba da 96. Man kwakwa giram 300 a ninka da 0.183, ya ba da 55. Jimla 151, a rage kashi 5, ya koma 143. Ruwa ninki biyun soda, wajen giram 290. Da sikeli za a auna, domin lita ɗaya ta mai ba ta kai kilo ba, giram 920 ne ko ƙasa kaɗan. Soda ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, a sa safar hannu da tabarau, kuma ban da tukunyar alminiyam, soda tana cin ta.

Wanda ya riga ya lalace, ki sa safar hannu ki gurza shi, ki narkar a wuta kaɗan-kaɗan da ɗan ruwa, ki ƙara man gyaɗa giram 270 don ya cinye ragowar sodar. Idan na wanka kike so, ki kai man giram 340, ki yi ta juyawa har ya haɗe kafin ki mayar da shi mazubi.