Sharhi: abin da mai gyaran rubutu ta yi wa jerin abubuwa a jimlolina

Na biya kuɗin gyaran rubutu a kan takardar gabatar da kai mai shafi biyu, wadda na rubuta da Turanci sannan na sake rubuta ta da Hausa saboda wurin da nake neman aiki ya buƙaci duka biyun. Yarjejeniyar ita ce mai gyaran za ta duba takardar sau 2, ta kuma bar bayani a gefen duk inda ta taɓa. Na yi zaton a kan ƙa'idar rubutu da waƙafi za ta ɓata lokacinta, sai ga shi mafi yawan jan layinta ya faɗa kan abu guda, wato yadda nake jera abubuwa uku a cikin jimla ɗaya, kowanne da irin shigarsa.

Jimlar da ta fara kamawa tana wurin da na faɗi abubuwan da nake sha'awa, inda na rubuta "I like swimming, to run and cycling". A Hausar kuma na maimaita kuskuren ba tare da na sani ba, domin cewa na yi: "Ina son iyo, in yi gudu da hawan keke." Bayaninta gajere ne. Ta ce abu na farko da na uku sunaye ne na aiki, na tsakiyar kuwa ya zo da wata siga dabam, saboda haka mai karatu yana tuntuɓe a tsakiyar jimlar, ya kuma tsaya yana tunanin ko gudun yana da wani matsayi da iyo da keke ba su da shi.

Na rubuta mata cewa: "Malama, ai na karanta kowanne shi kaɗai kuma ban ga laifinsa ba." Amsar da ta ba ni ita ce abin da ya fi mini amfani a cikin aikin gaba ɗaya. Ta ce wannan shi ne dalilin da ya sa kuskuren yake ɓoye wa mai shi: "Ina son iyo" daidai ne, "Ina son in yi gudu" daidai ne, "Ina son hawan keke" ma daidai ne, haka kuma a Turanci kalmar "like" tana karɓar siga mai ƙarewa da "-ing" tana kuma karɓar mai farawa da "to". Laifin ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu, sai an tara su a ƙarƙashin kai ɗaya yake bayyana. Ta ba ni shawarar in riƙa rubuta abubuwan ɗaya a ƙarƙashin ɗaya a takarda, in dubi kalmar farko ta kowanne kawai. Da na yi haka sai na ga iyo, in, hawan, kuma nan take baren cikinsu ya fito fili.

Ta kawo gyara iri biyu ta bar mini zaɓi, abin da na yaba ƙwarai. Na farko shi ne a mayar da duka ukun sunayen aiki: "Ina son iyo da gudu da hawan keke." Na biyu shi ne a mayar da kowanne ƙaramar jimla mai wakilin sunanta: "Ina son in yi iyo, in yi gudu, in kuma hau keke." A nan ne ta nuna cewa ta san Hausa daga ciki, domin ta ja hankalina a kan cewa mahaɗin ma yana canzawa. Kalmar "da" tana haɗa sunaye, amma ba ta haɗa jimla da jimla, shi ya sa babu Bahaushen da zai ce "in yi gudu da in hau keke" a wannan ma'ana ba tare da kunnensa ya yi masa ƙaiƙayi ba. Waƙafi da "kuma" ne suke ɗaukar wannan nauyin. A ɓangaren Turanci kuwa ta gargaɗe ni cewa zaɓin ba kullum yake hannuna ba, domin "enjoy" ba ta karɓar "to" a bayanta, "want" kuma ba ta karɓar "-ing" a irin wannan jimlar, saboda haka aikatau ɗin da ya zo kafin jerin shi ne yake yanke hukunci.

Akwai wuri ɗaya da na so in yi gyaran da bai kamata ba, ta hana ni. Na rubuta cewa aikina na baya ya ƙunshi "karɓar wasiƙu da rubuta rahoto da shirya taro", sai na fara shakkar ko ya kamata ya zama "rubutawa" da "shiryawa" don su daidaita. Ta bayyana mini cewa "-wa" ɗin "rubutawa" yana faɗuwa ne idan abin da aka rubuta ya biyo baya, "karɓa" kuma tana ɗaukar "-r" a wuri irin wannan, don haka ukun aiki ɗaya suke yi a jimlar ko da ƙarshensu bai yi kama ba.

Sai dai ba duka aikin ne ya gamsar da ni ba. A wata jimla na rubuta cewa nauyin da ke kaina shi ne "buɗe ofis, da ajiye takardu, da in tabbatar kowa ya sa hannu kafin a tashi". Ta ga kuskuren, amma ta gyara shi zuwa "buɗe ofis da ajiye takardu da duba sa hannu", wato ta datse abu na uku don ya yi tsawo ɗaya da 'yan'uwansa. Jimlar ta yi daɗi a baki, amma ta rasa abin da nake son faɗa, domin duba sa hannu kowa zai iya yi washegari, alhali aikina shi ne kada kowa ya fita bai sa ba. Na mayar da ita "buɗe ofis, da ajiye takardu, da tabbatar da cewa kowa ya sa hannu kafin a tashi", kuma a dubawa ta biyu ta amince cewa farkon kowane abu ne yake buƙatar daidaito, tsawonsa kuwa ma'ana ce take da iko da shi.

Wani kuskuren kuma ya wuce ta har sau biyu, sai da na karanta takardar da ƙarfi na ji shi da kaina: "Ina da haƙuri da juriya da lasin tuƙi." Ta fuskar nahawu babu abin da za a ce, tunda duka ukun sunaye ne kuma "da" ta haɗa su yadda ya kamata, amma biyu halaye ne, na ukun kuwa kati ne da ake sawa a aljihu, kuma haɗa su ya mayar da jimlar kamar barkwanci. Na raba ta gida biyu, na kai lasin wurin da na jera takardun shaida.

Wanda yake son a nuna masa inda sigar kalmomi ta saɓa a cikin jeri, a kuma bayyana masa dalili a harsuna biyu, zai sami biyan buƙata a wannan hidima, kuma zan sake ba ta aiki. Amma zan riƙa gwada kowane jeri da ta gajarta da ainihin abin da na rubuta kafin in karɓa, jerin da sigarsa ta daidaita alhali abubuwan cikinsa ba jinsi ɗaya ba ne kuwa ni zan riƙa nemansa da kaina.